Ranar da na tambayi Oga laifina

Bayan shekarata ta farko a sashen lantarki na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, na tafi aikin sanin makamar aiki na SIWES, na wata huɗu. Na samu gurbi a wani shagon haɗa sola da inbata a Badariya. Har na cika mako takwas, aikina bai wuce ɗaukar tsani da miƙa filaya ba. Oga kan sa hannu a logbuk ɗina duk ƙarshen mako, amma bai taɓa barina na haɗa batir ni kaɗai ba. Abin ya dame ni, domin rabin lokacina ya tafi, kuma shi ne zai rubuta ra'ayinsa a kaina a ƙarshe.

Na taɓa tambayarsa, “Oga, yaya aikina?” Ya ce, “Ba laifi,” ya ci gaba da abin da yake yi. Daga baya na gane tambayar ce ba ta da ƙofa. Saboda haka wata Asabar bayan La'asar, da kwastomomi suka ragu, na roƙi minti goma. Na ce, “Oga, wane aiki ne har yanzu ba za ku iya bar mini ni kaɗai ba, kuma me ya sa?”

Ya ajiye mitar da ke hannunsa. “Ɗan makaranta, tunda ka tambaya. Hannunka ba ya ɗaure noti. Kana haɗa waya ba ka auna ba. Logbuk ɗinka kuma babu komai ciki sai ‘mun je aiki’.”

Na ji zafi, har bakina ya ɗauko uzuri, amma na haɗiye. Sai na ce ya ba ni misali. Ya tuna mini wani gida a Argungu da muka koma bayan kwana goma saboda inbata na yawan ɗaukewa. Kan batir ɗaya ya yi baƙi, robar wayar ta fara narkewa. Ni na ɗaure shi. Ya ce idan noti ya yi sako-sako, wuta na wucewa da ƙyar, wurin ya yi zafi, wata rana gobara ce. Shi ya gyara a ranar, bai ce mini komai ba, ya dai daina ba ni sifana.

A daren nan na buɗe shafin ƙarshe na littafina na ja layi uku. Kowace magana tasa na mayar da ita abin da ido zai iya gani. Maimakon “zan riƙa kula”, na rubuta cewa duk kan batir da na ɗaure zan girgiza wayar da hannu, sannan babban yaron shago ya duba kafin a kunna. Na biyu, ba zan haɗa komai ba sai na auna na rubuta. Batir mai bolt 12 da ya cika kan nuna kusan 12.7, biyu a jere kuwa kusan 25.4. Idan alamar ragewa ta fito a fuskar mita, na juya wayoyin ke nan. Na uku, kowace rana zan rubuta a logbuk abin da aka haɗa, adadin da na auna, da matsalar da aka samu. A ƙasa na sa ranar da za mu sake zama, bayan mako huɗu.

Ranar Litinin na nuna masa. Ya karanta, ya ƙara abu ɗaya: in riƙa auna kowane batir daban, ba jimilla kawai ba. Amfanin hakan ya fito a mako na goma, lokacin da na samu wani batir yana nuna 12.7, abokinsa 11.9. Da mun haɗa su haka, mai raunin zai riƙa saurin ƙarewa yana janyo ɗayan. Muka caja shi daban, muka sake gwadawa kafin a kai wa mai shi.

Da ranar zamanmu ta zo, ya ce awo da logbuk sun gyaru. Ɗauri kuwa da saura, domin yanzu na koma matsawa fiye da kima, har na lalata zaren noti guda. Muka bar wannan layin a takardar, muka soke biyun.

A mako na goma sha huɗu ya tura ni wani gida a nan Badariya, ni da ƙaramin yaro ɗaya, mu sauya batura biyu. Da zan fita ya miƙo mini sifanarsa, ya ce, “Ka kira ni kafin ka kunna.” Na auna, na rubuta, na girgiza kowace waya, sannan na kira shi.