Yadda Tsohon Bargo Ya Rage Mini Kuɗin Gas

Tukunyar gas ɗinmu mai kilo 12.5 takan yi mana mako huɗu, mu bakwai a gidanmu da ke Tunga. Da farashi ya yi ta hawa, sai na koma girki da risho na lantarki. Ana cikin haka, a watan Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit. Rishona mai wat 1,500 ne, wato yana shan yunit ɗaya da rabi a awa guda. Wake kuwa sai ya yi awa biyu a kan wuta. Da na lissafa, tukunyar wake ɗaya a wannan farashi naira 675 ce, ga Shiroro a kusa da mu amma wutar ma ba kullum ba.

Wata dattijuwa maƙwabciyata ce ta ce mini, “'Yata, ba wuta ke dafa wake ba, zafi ne. Ki hana zafin gudu.”

Ga yadda nake yi yanzu. Ina jiƙa wake bayan sallar isha'i, ya kwana a ruwa. Da safe in zubar da ruwan, in zuba sabo, in ɗora a gas. Idan ya tafasa sai in rage wuta, domin ruwan da ke tafasa ba ya ƙara zafi komai ƙarfin wutar. Bayan minti 20 in sauke tukunyar da murfinta a rufe, in naɗe ta da tsohon bargo, in sa a kwando, in ɗora matashi a kai. Bayan awa uku waken ya yi laushi. Shinkafa kuwa minti biyar na tafasa da minti 40 a bargo sun ishe ta.

Ranar farko na ci karo da matsala. Tukunyar ba ta kai rabi ba, kuma na buɗe ta sau biyu don in leƙa. Waken ya fito da tauri, maigida ya tauna ya yi shiru. Tukunya mai kauri da ta kusa cika ita ke riƙe zafi, kuma ba a buɗewa.

A kula da wannan: idan kin buɗe kika ga babu tururi, abincin ɗumi kawai gare shi, ki mayar kan wuta ya sake tafasa kafin a ci, musamman mai nama. Ni ba na barin abinci ya wuce awa huɗu a bargo. Tuwo da suya kuwa dabarar ba ta yi musu, sai wuta.

Yanzu gas ɗinmu yana kaiwa mako shida. Allah Ya saka wa Inna da alheri, Ya kawo mana sauƙi.