Yadda Yayanmu Ya Bar Ƙwayar Hawan Jini

Zan ba ku labarin ɗan baffana, wanda muke kira Yaya. Tela ne a nan Gwiwa, shekararsa 29. Shi da kansa ya ce in rubuta, amma kada in sa sunansa.

Bara ya je asibiti saboda zazzaɓi, sai aka gwada jininsa aka ga 165/100. Aka ce ya dawo bayan mako guda, aka sake gwadawa, bai sauka ba. Ma'aikacin lafiya ya yi masa bayani cewa lambar sama ita ce ƙarfin jini lokacin da zuciya ta buga, ta ƙasa kuma lokacin da ta ɗan huta. Na mai lafiya yakan kasance wajen 120/80, idan kuwa ya tsaya a 140/90 ko fiye, to hawan jini ne. Aka ɗora shi a kan wata ƙwaya mai suna amlodifin, guda ɗaya kullum da safe. Bayan wata biyu jininsa ya dawo 130/85.

Abu biyu ne suka dame shi. Na farko, idon sawunsa ya riƙa kumbura, musamman idan ya wuni a kan keken ɗinki. Na biyu, abokansa suna yi masa tsiya, wai yana saurayi yana shan maganin tsofaffi. Ana cikin haka sai ya gamu da wani mai magani a kasuwa, wanda ya sayar masa da jiƙon saiwoyi a gora, ya ce kwana arba'in zai sha, ciwon ya rabu da shi har abada. Yaya ya ajiye ƙwayarsa, bai gaya wa kowa ba.

A makon farko kumburin ya sace, shi kuma ya ɗauka aikin jiƙon ne. Alhali ƙwayar ce ke sa kumburin, shi ya sa ya tafi da aka daina shan ta. Kuma amlodifin ba ya fita daga jiki rana ɗaya, yakan ɗauki kwanaki, don haka jinin a hankali ya riƙa hawa. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya sa ciwon kai ko jiri. Mutum yana jin garau, ciwon yana can yana lalata jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya. Gwaji ne kawai yake nuna shi, Yaya kuwa ya daina zuwa gwaji.

Bayan kamar wata huɗu, wata safiya yana shan koko, kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama. Inna ta ce, "Kai, me ya samu bakinka?" Bakin ya karkace, maganarsa ba ta fita sosai. Wani maƙwabci ya ce iska ce ta buge shi, a kawo hayaƙi. Baffa ya ce a'a, ya nemo mota aka kai shi asibiti a Kazaure. Jininsa ya kai 200/120. Likita ya ce shanyewar ɓarin jiki ce, wato jini ya kasa isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiya ta toshe ko ta fashe. Daga nan aka tura shi Kano don a ɗauki hoton kansa.

Baffa ya tambayi likita game da kumburin ƙafar. Likita ya ce sananniyar matsala ce ta wannan ƙwaya, da Yaya ya dawo ya faɗa, da an rage masa ita ko an sauya masa wata, don magungunan hawan jini kala-kala ne. Ya ce ƙwayar riƙe jinin take yi, ba ta warkar da ciwon, shi ya sa idan an bar ta yake dawowa. Ya ƙara da cewa zoɓo marar sukari yana iya ɗan sauke jini kaɗan, amma ba zai maye gurbin ƙwaya ga mai 165/100 ba. Jiƙon gora kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinsa, balle yawansa.

Yanzu Allah ya sa Yaya yana tafiya da ƙafarsa, amma yana jan ta dama. Hannunsa bai iya riƙe almakashi ba tukuna, kayan sallar da ya karɓa ma sai da aka mayar wa masu su. Baffa ya sayar da awaki don biyan kuɗin asibiti. An sauya masa magani, Inna ta rage gishiri da magi da kanwa a abincinsa, kuma duk wata yana zuwa gwaji.

Idan akwai mai hawan jini a gidanku, ku riƙa tuna masa ƙwayarsa, in ta dame shi ya koma asibiti a sauya masa. Idan kuma kun ga bakin mutum ya karkace farat ɗaya, ko hannunsa ɗaya ya saki, ko maganarsa ta sarƙe, ku kira manya a kai shi asibiti nan take, ko da alamar ta wuce bayan 'yan mintoci. Allah ya ba Yaya lafiya, da duk marasa lafiya.