Jimla Uku da Na Rubuta Game da Mahaifina

Shekara ashirin da ɗoriya ina riƙe da alƙalamin Maigida, ina rubuta sulhun gado da na aure da rikicin fili a wannan Zango namu na Lome. Hannuna bai taɓa rawa ba sai ranar da matasa suka roƙe ni in rubuta tarihin mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, cikin tarihin dattawan da suka kafa sabon Zango.

Manya sun san abin da ya faru a 1977, lokacin da hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar birni, aka mai da mu Agowe, can arewa da gari, nesa da kasuwa. Ina da shekara bakwai. Baba mai masauki ne: fataken shanu suna sauka gidansa, ya yi musu dillanci, ya karɓo musu kuɗi a hannun mahauta, ya ajiye har su dawo. Duk jarin wannan sana'a amana ce. A wannan shekara wani baƙonsa daga Nijar ya bar masa jaka ɗari uku na sefa. Baba ya ɗauki kuɗin ya sayi siminti da kwano, ya tayar mana da ɗaki uku, da niyyar mayarwa kafin mai su ya dawo. Mai su ya dawo, kuɗi ba su dawo ba.

Jimlar farko da na rubuta ita ce: "Baba mutum ne da bai taɓa taɓa dukiyar kowa ba." Ta yi daɗin karantawa, amma ƙarya ce, kuma akwai tsofaffi a unguwa da za su karanta su yi murmushi. Daga nan ba za su ƙara gaskata alherin da na faɗa game da shi ba, ko da gaskiya ne. Yabon ƙarya yakan ja na gaskiya su nutse tare.

Sai na goge, na rubuta ta biyu: "Baba ya ci amanar baƙonsa." Na kwana da ita, da safe na ga ita ma ba shaida ba ce, hukunci ne. Kalmar "cin amana" tana magana a kan niyya, niyya kuwa tana cikin zuciya, ni ko ban taɓa shiga zuciyar Baba ba. A zauren Maigida, idan mai ƙara ya ce wane azzalumi ne, ba na rubuta "azzalumi". Nakan tambaye shi: me ya yi, yaushe, wa ya gani? Abin da ya amsa shi ke shiga takarda. Ashe adalcin da nake yi wa baƙi kullum, na hana wa mahaifina shi.

Na ɗauki damuwata na kai wa malamina. Na ce masa ina tsakanin ayoyi biyu: ta Suratul Isra'i da ta hana ko nuna ƙosawa ga iyaye, da ta Suratun Nisa'i da ta umarce mu da tsayar da shaida ko a kan iyaye ne. Ya tuna mini labarin Aliyu bin Madini, malamin Imamu Buhari, wanda aka tambaye shi matsayin mahaifinsa a ruwayar hadisi. Da farko ya ce a tambayi wani. Da aka matsa, ya sunkuyar da kai, sannan ya ce ruwayarsa mai rauni ce, don al'amarin na addini ne. Malam ya ce in lura da abu uku: bai yi gaggawa ba, bai wuce abin da aka tambaye shi ba, kuma akwai buƙatar da ta tilasta shi. Sannan ya tambaye ni: "To, kai wace buƙata ce ta tilasta ka? In babu, rufa wa mamaci asiri shi ne daidai."

Wannan tambaya ce ta warware mini komai. Da a ce ba wanda ya san zancen, da na binne shi tare da Baba. Amma zancen yana yawo, kuma rabinsa ne kawai ke yawo. Ɗana ya taɓa dawowa daga makaranta yana kuka, an yi masa gori da kuɗin shanu. Mutane sun san an ci, ba su san an biya ba. Shiruna ya daina kare Baba, ya koma kare rabin labarin da ya fi muni.

Saboda haka na yi abin da nake yi a wurin aiki. Na raba takarda gida uku: abin da na gani da idona, abin da wanda ya halarta ya gaya mini, da abin da ake cewa. Na gida na uku duka na zubar, har da wanda zai wanke Baba. Abin da na gani shi ne baƙon zaune a zaurenmu kwana tara, ana kai masa tuwo yana dawo da shi. Na kuma ga Baba, shekara bayan shekara, yana ƙulle kuɗi a tsumma yana ba direban motar Nijar saƙo.

Kafin kowa ya gani, na karanta wa Gwaggo, ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage cikinsu. Ta saurara har ƙarshe, ta ce: "Ɗan nan, ka rubuta ɗaki uku, amma ba ka rubuta wanda ya kwana a ciki ba."

Na ce, "Gwaggo, ai mu ne."

Ta ce, "To, sa kanka."

Nan na gane inda zargi yake ɓuya. Rubutu yakan zama tuhuma ne idan marubuci ya tsaya a tudu da fararen kaya yana nuna na kwari. Ni kuwa a ƙarƙashin wannan kwano na haddace izu na farko. Gwaggo ta kuma gaya mini wanda ya taimaka aka cike bashin. Mutumin yana raye, na nemi izininsa ya ƙi, don haka ba ya cikin rubutun. Jikokin baƙon ma na aika musu, suka yarda da labarin, suka ce a bar sunan kakansu. An bar shi.

Ga jimla ta uku, wadda ta tsaya: "A shekarar da aka rushe Zango, Baba ya gina mana ɗaki da kuɗin ajiyar baƙonsa ba da izininsa ba, baƙon ya yi asarar fataucin shekara guda, mu muka samu rufi, Baba kuma ya shekara shida yana biya har ya gama." Babu kalmar yabo ko ta suka a cikinta. Ban rage asarar baƙo ba, don shi ma yana da haƙƙi a kan alƙalamina. Ban kuma ce rushewa ta halatta abin ba; na ajiye ta ne kusa da shi kawai, mai karatu ya auna.

Awon da na yi mata na ƙarshe shi ne, na ƙaddara Baba yana zaune a kan buzunsa ina karanta masa. Jimlar farko, da ya kawar da kai don kunya. Ta biyu, da ni ne zan kasa ɗaga ido. Ta uku, ina jin da zai yi shiru, ya ja carbi, ya ce haka aka yi.

Allah Ya gafarta masa, Ya gafarta wa baƙonsa, Ya sa biyan ya isa a can kamar yadda ya isa a nan. Amin.