Gizo da Hankaki a Cikin Minti Biyar

A Damagaram akwai wani malamin makaranta mai son zane. Tun yana yaro, kakarsa takan ba su tatsuniyar Gizo da hankaki bayan tuwon dare. Da ya girma, sai ya ƙudura zai mayar da ita fim na zane mai motsi, don yaran ajinsa.

Ga yadda tatsuniyar take. An yi yunwa a gari. Hankaki suna zuwa cin ɓaure a wani icce da ke tsakiyar kogi. Gizo ya roƙe su su tafi da shi. Suka ce sai da asuba. Gizo ya kasa haƙuri, ya cinna wuta cikin dare don su zaci gari ya waye. Da lokaci ya yi, kowane hankaka ya ba shi gashi, ya tashi sama tare da su. Da suka isa, duk ɓauren da hankaka ya nufa, sai Gizo ya ce nasa ne, shi ya fara gani. Hankaki suka yi fushi, kowa ya zare gashinsa, suka bar shi a kan icce. Ya faɗa ruwa, ya iske gidan kada. Ya ce shi ɗan'uwansu ne, aka ba shi jiran ƙwai, ya cinye, ya gudu.

Kaka takan ɗauki wajen minti 15 tana ba da wannan labari. Malam kuwa ya san ba zai iya yin fim mai tsawon haka ba, saboda lissafi. Fim hotuna ne da ake nunawa da sauri, har ido ya ga kamar suna motsi. A sinima, hoto 24 ke wucewa a cikin sakan ɗaya. Masu zane sukan nuna kowane hoto sau biyu, sai ya zama hoto 12 ake bukata. Minti 5 sakan 300 ne, wato hoto 3600.

Malam bai zana hoto 3600 da hannu ba. Ya yanka Gizo da hankaki a takarda mai kauri, ya haɗa gaɓoɓinsu da zare. Ya shimfiɗa su a kan tebur, ya kafa wayarsa daga sama. Yakan ɗauki hoto, ya gusa fiffike kaɗan, ya sake ɗauka. A dare ɗaya yakan yi hoto 60, wato sakan 5. Ke nan fim na minti 5 zai ci dare 60.

Dole a rage labari. Ya fara da abin da ya fi sauƙi. Kaka takan ce hankaki ba su ƙirguwa, amma a kan tebur kowane hankaka sai an motsa shi da hannu. Ya bar biyar. Gizon da ke saƙa a bango ƙafarsa takwas, shi kuwa ya ba nasa hannu biyu da ƙafa biyu, tun da Gizon tatsuniya kamar mutum yake, har da matarsa Ƙoƙi. Wutar dare ma ya cire ta. Tana ba da dariya, amma ko babu ita, Gizo zai kai ga ɓaure.

Abin da ya fi yi masa ciwo shi ne gidan kada, don nan ya fi so tun yana yaro. Amma da ya jera labarin a ƙananan zane-zane a bango, sai ya ga labari biyu ne aka haɗa. Na farko ya ƙare da faɗuwar Gizo. Na biyu yana bukatar sababbin dabbobi da sabon wuri. Ya cire na biyun, ya bar guntu kawai. Gizo ya faɗo a bayan kada, kada ya buɗe ido, Gizo ya yi murmushi ya ce: "Kawu, ashe kana nan!" Da wannan yaro zai gane bakin Gizo zai sake fid da shi.

Wasu abubuwa kuwa bai taɓa su ba. Fim ya buɗe da muryar tsohuwa tana cewa: "Ga ta nan, ga ta nanku." Tsamin bakin Gizo ma ya zauna. Ba ya cewa "ɓaurena", sai "ɓauyena". Ko an rufe ido, da wannan murya ake gane shi.

Sai ya zo kan rigimar ɓaure. A bakin kaka, Gizo yakan hana hankaki ci ɗaya bayan ɗaya, har mai sauraro ya ƙosa da shi. Malam ya ga maimaici ne, ya bar sau ɗaya tak. Kuma yana tausayin Gizo, bai so yara su ƙi shi.

Bayan wata biyu fim ya kammala. Kafin ya kai shi aji, ya nuna wa yaran gidansu, kaka tana zaune a gefe. Yara suka yi dariya lokacin da Gizo ya tashi sama yana tangaɗi. Da hankaki suka zare gashinsu, sai ɗakin ya yi tsit. Wata ƙaramar yarinya ta ce: "Hankakin nan mugaye ne! Don ɓaure ɗaya za su jefa shi a ruwa?"

Kaka ta dube shi ta ce: "Ɗan nan, ka cire laifin, ka bar hukuncin."

Malam ya kwana yana tunani. Maimaicin da ya raina shi ne dalilin fushin hankaki. Wanda aka hana sau ɗaya yakan yi haƙuri. In aka yi sau biyu, sau uku, haƙuri ya ƙare. Sai ya tuna da Mustafa Alasan, wanda ya zauna a Tawa, ya kuma rasu a 2015. A 1977 ya yi fim da ƴan tsana a kan labarin wani jarumi, Samba. A ƙarshen fim ɗin, mutuwa ce ta haɗa Samba da gimbiyar da yake so. Bai ɓoye ɗacin labarin ba.

Malam ya koma kan tebur. Ya sa Gizo ya hana hankaki sau uku. A na farko hankaka ya kauce. A na biyu ya harare shi. A na uku Gizo ya fizge ɓauren daga bakin ƙaramin cikinsu. Wannan ƙari sakan 20 ne, hoto 240, aikin dare 4. Don kada fim ya wuce minti 5, ya rage tafiyar sama daga sakan 40 zuwa 20, ko da yake ita ce ta fi kyau a ido.

Daga nan, kafin ya cire kowane yanki, yakan tambayi kansa: in babu wannan, yaro zai gane dalilin abin da ya biyo baya? In zai gane, a cire. In ba zai gane ba, a bari.

Ranar da ya nuna fim a aji, yarinyar nan tana gaba. Da Gizo ya fizge ɓauren na uku, tun hankaki ba su motsa ba, ta miƙe tsaye ta ce: "Ku karɓe gashinku!"