Yadda Muka Taya Tsoro Tsare Umma

Ranar da abin ya fara, saura kwana shida sallah, muna cikin Kantin Kwari da Umma muna zaɓen atamfa. Rana ta take, ana azumi, layin ya cushe da masu dako. Sai muka ga ta dafe ƙirji, gumi ya karyo mata, tana cewa numfashinta zai ɗauke. Muka riƙo ta muka fito bakin titi, kafin mu samu adaidaita sahu har ta fara dawowa daidai. A hanya ta ce, "Da ba ku fito da ni ba, da can zan mutu." Mu ma muka yarda.

Daga ranar muka karɓe mata zuwa Kwari. Mu huɗu ne 'ya'yanta, kowa yana ganin ai biyayya ce. Bayan wata biyu ta ce kasuwar unguwa ma tana sa ta jiri, sai muka karɓi cefane. Daga nan ta daina shiga adaidaita sahu, saboda idan aka samu cunkoso babu hanyar sauka. Gidan biki ya biyo baya, sannan sallar Idi. Duk abin da ta bari, sai mu ga ta samu sauƙi a ranar, mu yi hamdala. Ba mu lura cewa duk wata sai da'irar ta ƙara tsukewa ba.

Shekara biyu muna haka, har aka yi rasuwar yayarta a Zariya. Umma ta yi shiri, ta yafa mayafi, ta zo bakin mota ta tsaya. Hannunta yana rawa a jikin ƙofa. Ta juya ta koma ɗaki, ta yi ta'aziyyar 'yar'uwar da suka fito ciki ɗaya ta waya. Kukan da ta yi a daren ne ya sa muka kai ta asibiti.

Likita ya auna zuciyarta, ya duba jininta da maƙoƙo, domin ciwon waɗannan yana iya kawo bugun zuciya irin wannan. Komai lafiya. Sai ya tura mu wurin wata masaniyar halayyar ɗan'adam. Ita ce ta yi wa Umma tambayar da ba mu taɓa yi ba: "Mama, a ranar nan, wa ya tabbatar miki da cewa da kin zauna da kin mutu?"

Ta yi mana bayanin cewa irin wannan firgici yakan kai ƙololuwa cikin mintuna kaɗan, galibi kamar goma, sannan ya fara sauka da kansa, ko mutum ya gudu ko bai gudu ba. Umma ta fita daidai lokacin da yake shirin sauka, sai zuciyarta ta ba wa fitar lada. Darasin da ta ɗauka shi ne: kasuwa haɗari ce, gudu ne ya cece ni. Kuma duk ranar da ta ƙi zuwa, sauƙin da take ji nan take yana ƙara buga wa darasin hatimi.

Daga baya muka karanta wani gwaji da Richard Solomon da abokan aikinsa suka yi a Jami'ar Harvard a 1953. Sun sa karnuka a akwati mai ɗaki biyu da shinge a tsakani. Idan fitila ta mutu, bayan daƙiƙa goma sai lantarki ya ja ƙafar kare. Nan da nan karnukan suka koyi tsallake shingen tun kafin lantarkin ya zo. Sai masu gwajin suka kashe lantarkin gaba ɗaya, amma karnukan suka ci gaba da tsallakewa sau ɗaruruwa. Ba su taɓa tsayawa sun gane cewa wutar ta daɗe da mutuwa ba. Tarkon ke nan: gudun da yake kawo sauƙi shi ne yake hana mutum samun labarin cewa haɗarin babu shi. Mu kuwa, da ƙaunarmu, mu ne muke ɗaga Umma muna tsallakar da ita shingen kullum.

Maganin bai zama jefa ta cikin Kwari da ƙarfi ba. Masaniyar ta sa Umma ta jera wuraren da take tsoro da kanta, ta ba kowanne maki daga sifili zuwa goma. Shagon bakin layi ya samu uku, kasuwar unguwa biyar, adaidaita sahu bakwai, tsakiyar Kwari goma. Ƙa'idar ita ce a fara daga ƙasa, a je kusan kullum, kuma kada a bar wurin saboda tsoro ya taso. Kafin ta fita za ta faɗi abin da take zaton zai faru, mu rubuta. Idan ta dawo a duba ko ya faru.

Ranar farko a kasuwar unguwa ta ce za ta suma kafin minti biyar. Tsoron ya hau har takwas, ƙafafunta suna rawa a gaban mai tumatir. Ta ce, "Ku mayar da ni gida." Babbar yayarmu ta ce, "Umma, muna nan tare, mu ƙara minti biyu." Babu abin da ya taɓa yi mana wuya kamar wannan, domin ba mu saba musa wa mahaifiyarmu ba, duk da ita ce ta ba mu izinin yin haka tun a gida. A minti na ashirin ta ce ya sauko huɗu. Ba ta suma ba. A zuwa na biyar tsoron bai wuce uku ba, har ta tsaya taya albasa.

Sai muka ci karo da wani gudun da ba ya kama da gudu. Makonni biyu tana shiga adaidaita sahu amma makin ya ƙi sauka. Da aka bincika, ashe kullum a bakin ƙofa take zama, da gorar ruwa a hannu ɗaya, ɗayan kuma riƙe da hannun ɗayanmu. Jikinta yana cikin abin hawa, amma a ranta tana cewa gorar da hannun ne suka tsare ta. Alamar ke nan: idan ana ta zuwa wuri tsoro bai ragu ba, a nemi abin da aka jingina da shi. Aka ajiye gorar, aka saki hannun, daga baya ta hau ita kaɗai muna binta a baya a wani. A nan ne makin ya fara faɗuwa.

Wannan hanya tana da iyaka. Ta tsoron da ya fi ƙarfin haɗarinsa ce. Wanda ya ƙi bin hanyar da ake sace mutane da dare ba tarko ya faɗa ba, hankali ya yi. Wanda ƙirjinsa ke ciwo sai likita ya fara duba shi. Wanda kuma ya ga tashin hankali da idonsa, yana mafarkinsa yana firgita, yana buƙatar ƙwararre a kusa, ba 'yan'uwa kaɗai ba. Kuma tilas ba ta aiki. Mai tsoron ne zai zaɓi matakin da zai taka.

Wata huɗu aka yi kafin Umma ta koma Kwari. Ta shiga layin nan dai, ta ce tsoron ya kai shida, ta zauna a bencin mai shago har ya sauka. Har yanzu yakan leƙo, musamman idan ta yi makonni ba ta fita ba, shi ya sa ta mayar da cefanen Asabar hannunta. Da azumin bana ɗayanmu ya ce, "Umma, ki ba ni kuɗin in sayo miki atamfar." Ta ɗauki jakarta ta ce, "A'a. Kai dai zo ka riƙe min kaya."