Ajiya daban, kuɗin haya daban

Ɗan haya ya ce zai tashi kafin wa'adi, a ba shi kuɗinsa. Yawancin rigimar da ke kai mutanenmu gaban Sarkin Zango daga kalmar nan "kuɗinsa" take farawa, don kuɗi iri biyu ne a ciki, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Ni ke kula da gidan gadonmu a Aboabo, nan Kumasi, kuma duk amsar da zan ba mai tashi, sai na fara raba masa kuɗin nan biyu.

Na farko adibas, wato hayar watannin da ya biya a gaba. Na biyu ajiya, kuɗin da ake riƙewa saboda ɓarna ko bashin ruwa da wuta. Ajiya amana ce, ba ta taɓa zama tawa ba, kuma ba tara ba ce da zan ci mutum don ya tashi da wuri. Ita kuwa haya, malamanmu sun ce alƙawari ne da ya hau kan ɓangarori biyu, ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai, amma in an yarda da juna aka warware, abu ne mai lada.

Wani mai sayar da albasa ya kama ciki da falo a wurinmu a kan sidi 600 a wata. Shi ya nemi biyan shekara biyu don kada a ƙara masa, daga Janairun 2023 zuwa Disambar 2024, ya kuma ba da ajiyar sidi 1,200. Da mahaifiyarsa ta kwanta ciwo, ya ce zai koma gida ƙarshen Afrilun 2024. Saura wata takwas ke nan, sidi 4,800. Ya haɗa da ajiya, ya ce a ba shi 6,000 kafin ya hau mota. Ga abin da na rubuta masa:

"Salamu alaikum Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Na yarda ka tashi ranar 30 ga Afrilu. Ran nan za mu duba ɗaki tare da shaida ɗaya naka, ɗaya nawa. Ajiyarka zan turo maka cikin kwana bakwai, bayan an cire bashin ruwa da abin da ya lalace, da rasit ɗin kowane. Ragowar haya kuma, daga ranar da sabon ɗan haya ya shiga, duk watan da ya rage naka ne. Yau zan gaya wa dillali. In kana da mutumin kirki da zai maye ka, kawo shi mu gana."

Kowace magana a ciki tana da rana ko sharaɗi. Ba a cewa "za mu gani", don mai tafiya yana jin ta a matsayin "ba za ka samu ba". Ba kuma a alƙawarin biya nan take, tunda kowa ya san adibas ba ya kwana a aljihu, ya tafi kwano da siminti.

Da muka duba ɗakin, akwai bashin ruwa na sidi 150, gilasan taga huɗu da makullin ƙofa kuma suka ci 250. Fenti ya koɗe, amma ban sa shi a lissafi ba, wannan tsufan gida ne, ba ɓarnar mutum ba. Aka cire 400, na tura masa 800 ta waya. Ɗakin ya zauna babu kowa a Mayu da Yuni, sabon mutum ya shiga 1 ga Yuli. Hayar wata biyun nan, 1,200, ta hau kansa, ta wata shida, 3,600, ta koma masa. Jimla ya karɓi 4,400.

Inda masu gida ke kuskure shi ne cin haya biyu a ɗaki ɗaya: sabon ya biya, na tsohon kuma an riƙe. Wasu kuma su ƙi neman kowa, tunda an riga an biya su. Mai yin haka ya tuna cewa dokar haya ta Gana ta 1963 ba ta yarda a karɓi adibas fiye da na wata shida ba. In magana ta kai ofishin kula da haya na gwamnati, wanda ya karɓi na shekara biyu ba shi ne mai ɗaga murya ba.

Kai kuma ɗan haya, tun ranar shiga ka sa a rubuta ajiya a layinta, adibas a nasa, da abin da za a yi in tafiya ta kama. Ɗauki hoton ɗakin da mitar ruwa. Mu fatake ne, ba wanda ya san ranar da gida zai kira shi.