Takarda ɗaya na rubuta masa don ƙofa biyu

Ɗan yayata ya yi babbar difloma a fannin akanta, ya gama bautar ƙasa, kuma tun yana makaranta shi ke riƙe sito a wani shagon sari na kayan masarufi a kasuwar Singa da ke Kano. Da guraben aiki biyu suka fito, ɗaya a wani babban kamfanin sarrafa abinci, ɗaya a wata masana'antar casar shinkafa ta wani dattijo da 'ya'yansa, sai ya zo wurina in rubuta masa takardar tarihin karatu da aiki, wadda ake kira sibi. Na rubuta guda ɗaya, na ce ya kai ko'ina. Ko ɗaya bai samu ba, kuma yawancin laifin nawa ne.

Shafi uku na cika masa da manyan kalmomin Turanci: mai hazaƙa, mai hangen nesa, gwanin aiki da jama'a. Aikinsa na Singa kuwa, wanda shi ne jarinsa na gaske, layi ɗaya na ba shi, cewa ya taimaka a kasuwancin dangi. A tunanina aikin kasuwa ba abin nuna wa kamfani ba ne.

Ban lura ba cewa a babban kamfani mai tace takardu bai san yaron ba, bai san shagon ba, kuma tarin takardu ne a gabansa. Wasu kamfanonin ma manhaja ce ke fara karɓar takardun, sannan jami'in ɗaukar ma'aikata ya lalubo masu ɗauke da kalmomin da ke cikin sanarwar aikin. Sanarwar ta nemi wanda ya iya ƙidayar kaya, da daidaita lissafin sito da na littafi, da aiki da Excel. Yaron ya iya duka ukun, ni kuma ban ambaci ko ɗaya ba. Da na san aikina, sai in ba shi muƙaminsa na gaskiya, mai kula da sito, in sa watan da ya fara da wanda ya bari, sannan in faɗi abin da hannunsa ya riƙe: yana karɓar lodin tirela, yana ƙidayar kaya duk ƙarshen mako, yara uku na aiki a ƙarƙashinsa, kuma shi ya mayar da lissafin bashi daga littafi zuwa kwamfuta. Shafi ɗaya ko biyu sun isa, ba kwalliya, ba yabon kai, domin a can adadi da kwanan wata ne ke magana a madadin mutum.

Abin da ya fi damuna shi ne na masana'antar shinkafar. A can mai dukiyar ne da kansa ya sa babban ɗansa ya karanta masa takardar. Da aka zo inda na rubuta cewa burin yaron ya kai matsayin babban manaja cikin shekara biyar, dattijon ya ce, "To, mu nan manajan ga shi zaune, ɗana ne." Jimlar da na ɗauka alamar himma ce, a kunnensa ta zama ko dai mai neman kujerar ɗansa, ko wanda zai koyi aiki ya tafi. Ya kuma tambayi wa ya san yaron a kasuwa. A wurin masu tsaya masa na rubuta cewa za a kawo sunayensu idan an buƙata, kamar yadda ake yi wa manyan kamfanoni, alhali shi wannan ne farkon abin da yake nema.

Dattijon yana da gaskiya. Mutumin da zai damƙa maka mabuɗin sito da kuɗin ciniki ba shi da sashen binciken kuɗi da zai kama ɓarna da wuri. Kariyarsa ita ce amana, ita kuwa ana gane ta ne ta bakin wanda ya zauna da kai. Don haka takardar da ta dace da shi gajera ce, cikin ladabi da sauƙin harshe, da sunan tsohon ubangidan yaron a sarari bayan an nemi izininsa, da unguwar da yake zaune, da daɗewarsa a wuri ɗaya. A nan kuma faɗin hannu ake so: yana tuƙi, yana kai kuɗi banki, yana iya tsayawa kan sikeli idan mai awo bai zo ba. A takardar kamfani waɗannan za su ci wuri ne kawai, tunda gurbi ɗaya tak ake son cikewa.

Na je na ba yaron haƙuri a gaban mahaifiyarsa, muka zauna muka rubuta takardu biyu daga gaskiya ɗaya, ba mu ƙara komai ba. Masu rubuta wa matasa irin wannan takarda a shagunan kwamfuta, don Allah kafin ku taɓa madanni ku tambayi yaron wa zai karanta ta, ku kuma sa ya kawo muku sanarwar aikin idan akwai.